Kasuwa na ci, jari na raguwa: yadda tela za ta yanke farashin riga

Tambaya: "Ni tela ce a Tawa. Ina sayen atamfa da kuɗina in ɗinka dogayen riguna in rataye a shago. Turmi jika 7 ne, yana ba ni riga biyu, ina sayar da kowace jika 6. Hayar shago jika 15 a wata. Ana saye sosai, amma duk sanda na tashi saro atamfa sai na ciko da kuɗin adashe. Nawa ya kamata in sa wa rigar?"

Amsa: 'Yar'uwa, jika 6 bai biya ki ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da kike kira riba ladan aikin hannunki ne haɗe da kuɗin mai gidan haya, ribar kanta ba ta shiga lissafin ba tukuna. Ɗauko littafi da biro mu bi rigar daga turmi zuwa hannun mai saye. Inda ba ki ba ni adadi ba zan sa na misali, sai ki goge ki sa naki.

Kayan aiki shi ne mai sauƙi. Rabin turmi sefa 3,500. A ce kin saro turmi goma daga Ƙonni ko Yamai, kuɗin mota da ɗan dako suka ci 2,000, to kowace riga ta ɗauki 100. Zif, shafi, zare da ledar da ake sa wa mai saye, a ce 600. Jimla 4,200. Abu ɗaya kawai za ki kiyaye a nan: ki yi lissafi da kuɗin turmin da za ki saya gobe, ba wanda kika saya wancan watan ba. Idan turmi ya hau zuwa 8,000 alhali kina da sauran na 7,000 a shago, da 8,000 za ki lissafa, domin kuɗin rigar nan ne zai sayo turmi na gaba. Waɗanda suka yi sana'a lokacin da aka rufe iyakar Najeriya a 2023 sun ga wannan da idonsu: wanda ya ƙarar da kayansa a tsohon farashi, da ya koma sari sai kuɗin ya kasa cika masa kanta.

Sai ladan ɗinki, kuma nan ne teloli da yawa suke cutar kansu, don kunya ko don ganin ai hannunsu ne. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ki tambayi kanki: da wata za ta kawo atamfarta in ɗinka mata irin wannan rigar, nawa zan karɓa, ko kuma da zan ba wani tela ya yanka ya ɗinka mini, nawa zai caje ni? A ce 1,500. To wannan 1,500 tsadar riga ce, daidai da zif da zare. Ranar da ciwon baya ya kwantar da ke kika ba wata ta ɗinka, sai kin ƙirga mata kuɗin nan a hannu. Don me idan ke kika zauna kan keken zai zama kyauta? Daga ladan nan ne cefane, kuɗin makarantar yara da biki za su fito, ba daga akwatin shago ba.

Yanzu ga wurin da ya fi buƙatar natsuwa, wato kuɗaɗen da suke fita ko kin sayar ko ba ki sayar ba. Kin ambaci haya, amma haya ba ita kaɗai ba ce. Takardar wuta, a ce 6,000. Yarinyar da ke koyon aiki ba ta da albashi, amma kina ba ta na abincin rana da na mota, a wata ya kai 8,000. Patanti da sauran haraji, in aka raba su kan watanni, a ce 2,000. Kuɗin waya don kiran masu saye da tura musu hotuna 2,000. Man keke, allura, gawayin guga da ɗan gyara 1,000. Sannan keken kansa. Shi ba ya kawo takarda a ƙarshen wata, shi ya sa ake mantawa da shi, amma kullum cinyewa yake. Idan kin saye shi 120,000 kuma kina sa ran zai yi miki shekara biyar, wato wata 60, to 2,000 yake ci kowane wata, kuma ya kamata a ware su a gefe don ranar da zai tsaya. Haɗa waɗannan da jika 15 na haya, 36,000 ke nan kafin ki zura zare a allura.

Kan riga nawa za a raba wannan 36,000? Nan ake yin kuskure. Idan kika raba shi kan cinikin watan azumi, lokacin da kike kwana kan keke kina fitar da riga 80, kowace za ta ɗauki 450 kacal, sai ki ga kamar komai lafiya. Amma mai gida yana karɓar hayarsa har a tsakiyar damina, sanda kuɗin mutane ya tafi gona da sayen hatsi, riga ashirin ma da ƙyar. A irin wannan watan kowace riga 1,800 take ɗauka. Don haka shekara za ki duba gaba ɗaya. A ce watannin Sallah biyu kina sayar da 80 kowanne, sauran wata goma kuma in an daidaita su 32, jimla riga 480, wato 40 a wata. Raba 36,000 gida 40, kowace riga ta ɗauki 900. Ki lura, rigunan da aka saya aka biya za ki ƙirga, ba waɗanda kika ɗinka suke rataye ba. Idan kuma kina karɓar ɗinkin mutane a shagon, shi ma ya ɗauki kasonsa gwargwadon lokacin da yake ci: in rabin kwanakinki a kansa suke tafiya, rabin 36,000 nasa ne.

Mu haɗa. Kaya 4,200, lada 1,500, kuɗin shago 900. Rigar ta tsaya miki 6,600, ke kuma kina ba da ita 6,000. Wato bayan an cire kaya da kuɗin shago, 900 ne ke rage miki a kowace riga, 36,000 a wata in kin sayar da 40. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tun 2024 sefa 42,000 ne. Ke da kika zuba jari, kika ɗauki haya, kike koyar da yarinya, ba ki kai nan ba. Tunda kuma gida ba zai ci ƙasa da abin da ya saba ba, cikon daga kuɗin atamfa yake fita, kaɗan-kaɗan, ba ki gani sai ranar sari.

Akwai wani ɗan ƙari kafin riba. Ba duk rigar da aka ɗinka ke dawo da kuɗinta ba. Wata rana ta ci kalarta a bakin ƙofa, wata yayinta ya wuce, wata kuma ƙanwar miji ta ɗauka "sai ƙarshen wata", kin san sauran labarin. Duba littafinki ki ga nawa suke tafiya haka. In ɗaya ce cikin ashirin, to sha tara ne za su biya tsadar ashirin: 6,600 sau 20 ya ba da 132,000, a raba gida 19, kusan 6,950. Ki ce jika 7. Wannan shi ne ƙasan farashinki. Duk wanda ya taya ƙasa da haka, amsarsa albarka, ko da kuwa ciniki bai buɗe ba tun safe.

Riba kuma nawa ce ta adalci? Babu adadi ɗaya da ya hau kowace sana'a. Kayan da ke juyawa kullum, kamar shinkafa da sukari, suna rayuwa da riba ƙarama don sau da yawa kuɗin ke zagayowa. Riga kan yi makonni a rataye, kuma yayi na iya juya mata baya, saboda haka tana buƙatar abin da ya fi haka. A ganina kashi 15 cikin ɗari a kan tsadarta ba zalunci ba ne ga mai saye, kuma zai bar shago ya girma. Kashi 15 na 6,950 ya ɗan haura 1,000, farashi ya zama jika 8. Wannan jikar guda ita ce riba ta gaskiya, kuma ba ta cefane ba ce. Ita za ta ƙaro turmi, ta sayo keke na biyu, ta riƙe ki ranar da atamfa ta hau.

Ki yi hattara da ragi. Mai saye za ta ce ki rage mata dala 160, ai ba komai ba ne a cikin jika 8. Amma wannan 800 ba daga atamfa za ta fita ba, ba daga haya ba, daga ribar kaɗai za ta fita, sai ki tashi da 250. Tunda a kasuwarmu ba a saye sai an taya, ki buɗe baki da 8,500 ko jika 9, ki sallama a 8, ki ajiye jika 7 a ranki don rigar da ta daɗe ko mai ɗaukar biyar a tashi ɗaya.

Na san abin da za ki ce: maƙwabciyata jika 6 take sayarwa, in na ce 8 masu saye za su wuce. Zai yiwu tana saro atamfa a farashin dila, ko a gida take ɗinki ba ta biyan haya, ko kuma ita ma jarinta take ci ba ta sani ba. Je ki taɓa rigarta ki ga ko tana da shafi, ki duba bakin ɗinkin. In taki ta fi, ki juya ta ciki waje ki nuna wa mai saye. In kuma kasuwa ta ƙi jika 8 ƙememe, lissafin zai nuna miki inda za ki matsa. Ku haɗa kuɗi da wasu teloli ku saro da yawa: turmi ya sauko 6,000, riga ta ragu da 500. Ƙyallayen da ke zuba ƙasa su zama rigunan jarirai ko ɗankwali. Ki karɓi ɗinkin kayan makaranta kafin komawa aji a watan Oktoba, ya ɗauke wa riguna wani kaso na haya. Abin da ba zan ba ki shawarar taɓawa ba shi ne ladan hannunki. Idan samfurin riga ba ya fita sai kin ɗinka shi kyauta, ki bar shi ki koma wanda ke biya.

Kada ki tsallaka daga 6 zuwa 8 a kan rigunan da masu saye suka saba gani. Waɗanda ke rataye ki kai su jika 7, sabon samfuri kuma ya fito da sabon farashinsa, zai fi kyau gab da azumi lokacin da ake neman kaya. Daga nan duk rigar da aka saya a jika 8 ki raba kuɗin nan take: 4,200 na sari, 1,500 naki, 900 na shago, ragowar 1,400 a ajiye daban don riba da cike gurbin rigar da ta ɓaci. Bayan wata uku ki ƙirga kuɗin sari. In ya sayo turmi daidai yawan waɗanda kika yanka ba tare da kin taɓa adashe ba, farashin ya zauna. In ya gaza, ki fara duba farashin turmi na yau da sunayen masu bashi a littafi.