Me ya sa fawa bank mai 10,000mAh ba ya cika waya sau biyu

Tambaya: Na sayi fawa bank mai 10000mAh a kasuwar Garwa, batirin wayata 5000mAh ne, amma sau ɗaya da ɗan ƙari yake cika ta. An cuce ni ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba a cuce ka ba. Lambar da ke jikin kwali ta batirin ciki ce, mai bolt 3.7. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, wayar kuma ta sake sauke ta, kowane juyi na cin wani kaso ya zama zafi, ɗumin da kake ji a hannu ke nan. Abin da ke shiga waya kusan kashi biyu bisa uku ne, wajen 6,500mAh. Raba shi da 5,000, ka ga caji ɗaya da sulusi. Latsa waya ana caji, ko barin ta cikin zafin Garwa, na ƙara rage shi. In ko sau ɗaya bai cika ta ba, to jabu ne ko batirin ya gaji, maida musu kayansu.