Saƙon neman izinin gyara taken shafukan kamfani

Tambaya: Malam, ina koyon aiki a sashen talla na wani kamfani. Na lura shafukanmu da yawa suna fitowa a Google da take iri ɗaya, wasu kuma ba mu rubuta musu gajeren bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take ba. Ina so in nemi izinin manajanmu in bincika su duka, amma ina tsoron ya ce na yi shisshigi. Yaya zan rubuta saƙon?

Amsa: Ƙanena, kada ka nemi duka. Manaja na jin "duka" zai fara lissafin makonni da kuɗi. Nemi shafi goma kawai, kuma ka je da hujja a hannu.

Hujjar tana cikin Google Search Console, dandalin Google da ke nuna wa masu shafuka yadda shafukansu ke fitowa a bincike, a rahoton Performance. Can za ka ga sau nawa aka nuna kowane shafi, sau nawa aka danna shi, da matsayinsa a jerin sakamako. Zaɓi waɗanda ake nunawa da yawa, suna shafin farko na sakamakon bincike, amma ba a dannawa. A ce an nuna shafin takalmin aiki sau 10,000 a wata, an danna sau 100, wato ɗaya bisa ɗari. Ka duba takensa ka tarar da wannan:

```html
<title>Home</title>
```

Mai neman takalmin aiki me zai kai shi nan? Sa sunan kayan a gaba, sunan kamfani a ƙarshe, cikin haruffa kamar 60, don abin da ya wuce haka yakan guntule. Bayanin kuma kamar 155. Idan dannawa ta koma biyu bisa ɗari, baƙi 100 ne suka ƙaru ba a biya kuɗin talla ba. Wannan lissafin ne manaja zai karanta.

Abin da nake roƙonka, kada ka yi alkawarin hawa saman jeri. Tun 2009 Google ya bayyana cewa bayanin shafi ba ya cikin abin da yake auna matsayi da shi, aikinsa jan hankalin mai dubawa ne. Kuma sau da yawa Google yakan ajiye abin da ka rubuta ya sa nasa, har take ma. Faɗa wa manaja wannan da bakinka tun kafin ya gani da idonsa.

Saƙon ya zama gajere: "Ranka ya daɗe, na ga shafi goma da ake gani sosai amma ba a shiga. Na haɗo jerinsu da sabon taken da nake ba da shawara. Ina neman kwana biyu, kuma ba zan canza komai ba sai ka amince."

Ajiye tsofaffin taken a takarda kafin a taɓa su. Bayan kwana 28 ka gwada da kwana 28 na baya, ka kuma duba matsayi. Idan shafin ya tashi daga na takwas zuwa na uku a tsakani, ƙarin dannawar yana iya zama daga tashin ne, don haka rubuta hakan a rahotonka.