Darajar ƙarshe a lissafin injin casar shinkafa: a ɗauka zai dawwama, ko a yi kuɗin kayan?

"Jama'a, ina tsara lissafin injin casar shinkafa da za mu kafa a hanyar Kware. Na yi hasashen shekara 5. A ƙarshe in ɗauka kasuwancin zai yi ta bunƙasa har abada, ko in sa kuɗin da za a samu in an sayar da kayan?"

Malam, kafin ka taɓa lissafi ka duba takardar filin. In haya kuka kama ta shekara 5, ko aikin kwangila ce mai wa'adi, babu maganar har abada, kuɗin kaya kawai za ka sa. In filin naku ne kuma da niyyar zama kuka zo, to ana iya ɗaukar hanyar bunƙasa, amma tana da sharaɗin da ni kaina na taɓa tsallakewa, na kuma ji a jikina.

Mu ƙaddara a shekara ta 5 abin da ya saura a hannu bayan an biya shanshera, dizal, albashi da haraji naira miliyan 20 ne. Ribar da masu jari ke nema a shekara kashi 25 cikin ɗari, bunƙasar da kake zato kashi 10. Ga ƙa'idar, inda TV ke nufin darajar ƙarshe, wato darajar kasuwancin a ƙarshen shekara ta 5, CF abin da ya saura a hannu, r ribar da ake nema, g kuma bunƙasa:

```
TV = CF × (1 + g) / (r − g)
```

Wato miliyan 20 sau 1.1, miliyan 22 ke nan, ka raba da 0.15, wanda shi ne 0.25 a cire 0.10, ya ba ka kusan miliyan 147. Wannan kuɗin shekara ta 5 ne, sai ka dawo da shi yau ta hanyar raba shi da 1.25 sau biyar, ya koma wajen miliyan 48. Yanzu ɗaga bunƙasar zuwa kashi 15 ka gani: 147 ta zama 230. Ko buhu ɗaya ba a ƙara casawa ba, lamba ɗaya kawai ka taɓa. Shi ya sa nake tsoron wannan layin fiye da kowane layi a takardar. Kuma kada tsadar kaya ta 2024, da ta haura kashi 30, ta ja ka ka sa babbar lamba; abin da za ka sa dole ya zama wanda zai iya ɗorewa shekara da shekaru, ya kuma tsaya nesa da ribar da ake nema.

Sharaɗin da na ce shi ne, inji ba ya dawwama. A wani lissafi da na yi wa wasu 'yan'uwa shekarun baya, na bar kuɗin shiga yana ta hawa ban ware ko sisi na sabunta inji ba. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya kai ni bayan shagonsa ya nuna mini tsohon injinsa, tsatsa ta cinye shi, kaji na ƙwai a cikin mazubin shanshera. Ya ce, "Ɗana, a takardarka wannan har gobe yana aiki." Gaskiya ya faɗa. In inji da janareta na miliyan 60 ne, kuma shekara 10 suke yi, sai ka cire aƙalla miliyan 6 duk shekara. Miliyan 20 ta koma 14, darajar ƙarshe ta sauko wajen 103, a kuɗin yau kusan 34. Haka kuma bunƙasa na cin jarin juyawa, don kowace kaka sai ka ƙara kuɗin sayen shanshera daga Goronyo ko Wurno ka ajiye.

Ɓangaren sayar da kaya ya fi sauƙi, sai dai mutane kan ɗauko ragowar darajar da ke littafin akanta. Wannan ba farashi ba ne. Je ka tambayi masu sayen tsohon inji nawa za su biya, ka cire kuɗin kwancewa, dako da la'adar dillali, da haraji in ya hau. Ka ce inji ya ba da miliyan 12, fili da gini 45, shinkafar da ke sito da bashin da za a iya karɓowa 18. Jimla 75, a yau wajen 25. Wannan 18 ɗin ita aka fi mantawa da ita. Kuma kada ka haɗa 75 da 103 wuri guda, ba za ka sayar da injin kuma ka ci gaba da casa da shi ba.

Ni yadda nake yi, ina kai wa masu jari duka biyun. In aikin ya biya kansa da miliyan 25 ɗin sayar da kaya, hankalina kwance. In sai da 34 yake tsayawa, sai in tambayi nawa za a kashe a kafa sabon inji irinsa a shekara ta 5. In ƙasa da 103 ne, ba mai hankalin da zai sayi naka a wannan kuɗin, sai in rage lambar zuwa kuɗin kafa sabon. Turo mana wa'adin filin da farashin injin da aka ba ka, mu duba tare.