Saƙon layi biyu ga injiniyan ƙasar waje

"Maigida, akwai wani injiniyan sola a Jamus da nake karanta rubutunsa a LinkedIn. Ina so in tura masa buƙatar haɗuwa da ɗan saƙo na Turanci, amma gaisuwa kaɗai ta cinye mini wurin. Me zan rubuta?"

Yarona, fara da sanin girman wurin da aka ba ka. Mai asusun kyauta harafi 200 yake da shi, wanda ke biyan kuɗi 300, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi ita ma ana ƙirga ta. Ka ga ba wurin tambayar gida da iyali. A nan Katsina in ka shiga shagon mutum ka faɗi buƙata ba gaisuwa, za a ce ba ka da tarbiyya. Can kuwa, mutumin yana duba saƙon ne a tsaitsaye, abu biyu yake nema: wane ne wannan, me ya sa ya zaɓe ni. Jimla ta farko ta amsa waɗannan biyun, ta biyu ta faɗi abin da kake so. Ga yadda naka zai kasance:

```
Hello Mr. ___, I am a trainee solar installer in Katsina, Nigeria, and your post on battery heat made me move our batteries to a cooler room. I would like to connect and follow your work.
```

Da sunansa, wannan zai kai harafi 190 ko kusa da haka, ya shiga ke nan da ƙyar. In sunan dogo ne, cire "our".

Dubi tsakiyar jimlar farko da kyau, domin nan ne ƙarfin saƙon yake. Kowa na iya rubuta cewa ya ji daɗin rubutun mutum. Amma wanda ya ce rubutunka a kan zafin batir ya sa ya kwashe batura daga ɗakin kwano mai zafi zuwa inda iska ke shiga, wannan ya karanta, kuma ya yi aiki da shi. Injiniyan da ke ƙasar sanyi ba kullum yake jin labarin batir a zafin Afrilu na Katsina ba, lokacin da rana ke wuce digiri 40, don haka kai ma akwai abin da kake da shi da zai so ji. Sharaɗi ɗaya: abin ya zama gaskiya. In ba ka matsar da batir ba, faɗi abin da ka yi, ko da ɗan kaɗan ne, domin in ya amsa, a kan wannan zai tambaye ka. Haka nan kada ka kira kanka injiniya alhali kana koyo. Kalmar "trainee" ba ta rage maka komai.

Jimla ta biyu kuwa, ka bar ta ba nauyi. Kada ka roƙi aiki, ko biza, ko kayan aiki, kada ka sa lambar waya. Abin takaici, 'yan damfara sun ɓata mana suna, kuma salonsu sananne ne: "Dear friend", "kindly assist me", "business proposal". Da ya ga irin waɗannan daga wanda bai sani ba, zai danna Ignore, daga nan yana iya zaɓar cewa bai san ka ba. In masu yin haka suka yi yawa, ana iya taƙaita maka tura buƙata.

Batun suna: rubuta shi daidai yadda yake a shafinsa, harafi bayan harafi. In akwai Dr. a gaban sunan, yi amfani da shi. Engr. da muke liƙa wa juna a nan ba a saba da shi can ba. In sunan bai nuna maka namiji ne ko mace ba, sa cikakken suna, ka bar Mr. da Ms.

Sai wurin da yara da yawa ke tuntuɓe. A waya, in ka danna Connect daga jerin sunaye, sau da yawa buƙatar tana tafiya ba saƙo. Shiga shafin mutumin tukuna, danna ɗigo ukun nan, ka zaɓi Personalize invite. A kwamfuta Add a note za ka gani. In ta riga ta tafi hannu wofi ka janye ta, sai ka jira har sati uku kafin ka iya sake tura masa. Kuma saƙonnin da mai asusun kyauta zai iya haɗawa da buƙata 'yan kaɗan ne a wata, kada ka ɓarnatar da su. Rubuta a wani wuri, ka ƙirga, ka karanta da ƙarfi, sannan ka kwafa.

Kafin ka tura, gyara shafinka, don can zai fara leƙawa: hoton fuskarka a sarari, da layin da ke ƙasan sunanka mai faɗin sana'arka da garinka, ya yi daidai da abin da saƙon ya ce. In sati biyu ya wuce shiru, ƙyale buƙatar yadda take, ka danna Follow, ka riƙa yin sharhi mai ma'ana a ƙarƙashin rubutunsa. Kawo mini abin da ka rubuta gobe da safe kafin mu fita aiki, mu ƙirga tare.