Gyaran yatsu da gefen riga bayan sauya tufafi a hoto

"Ina sayar da ɗinkakkun kaya, kuma nakan sauya kaftanin da ke jikin ƙanena a hoto da Stable Diffusion don in nuna samfura daban-daban. Sai dai yatsunsa kan karkace, bakin hannun riga ya yi dishi-dishi, ga wani layi a wuya. Ina mafita?"

Malam, na daɗe ina fama da wannan kafin in gane cewa hannun da ya fi kowanne kyau shi ne wanda ke cikin hoton asali. Da zarar fentin da ka shafa a kan riga don nuna wa Stable Diffusion wurin da za ta sauya ya taɓa yatsu, manhajar za ta ɗauka an ba ta izinin sake zana su, alhali a nan ta fi rauni. Na taɓa ɓata dare guda a kan hoton wata farar shadda, ina ta maimaitawa, kowane karo babban yatsa na fitowa kamar an liƙa shi. Da na gaji, na buɗe Photoshop, na ɗora sabon hoton a kan tsohon, na sa Layer Mask, na goge wurin hannun da baƙin burushi mai laushi, sai ga hannun gaskiya ya dawo har da zobensa. Aikin bai kai minti biyar ba.

Sai idan tsohuwar rigar ta rufe wani sashen hannu ne za ka bar manhajar ta zana shi. A nan ka shafa hannun shi kaɗai, ka sa Denoising strength, wato yawan sauyin da manhajar za ta yi, tsakanin 0.3 da 0.45, domin idan ka haura 0.6 sabon hannu za ta ƙirƙiro, ba gyara ba.

Dishi-dishin gefe kuwa galibi daga Inpaint area yake. Idan yana kan Whole picture, ana matse hoton gaba ɗaya zuwa girman da ka saita, misali 512, don haka bakin hannun riga ba ya samun ɗigon da zai ishe shi. Ka mayar da shi Only masked, sannan ka duba Mask blur, wanda ke zuwa a kan 4. Wasu kan ɗaga shi zuwa 20 don ɓoye mahaɗa, sai launin tsohuwar rigar ya riƙa leƙowa ta gefe kamar hayaƙi. Ni ba na wuce 8.

Layin wuyan nan bambancin haske ne da na tsakin hoto. Ka faɗaɗa hoton zuwa kashi 200, za ka ga fatar asali tana da ɗan tsaki-tsakin kyamara, sabon wurin kuma sumul. A Photoshop, ka daidaita hasken da Curves, ka ƙara Add Noise kaɗan, kashi 1 zuwa 2, tare da Monochromatic. Nan gaba kuma ka bi bakin wuyan rigar da fentinka, kada ka ratsa tsakiyar fata, kuma ka tabbata akwai siririyar inuwa a ƙarƙashin wuyan kaftanin, domin rashinta ne ke sa riga ta yi kama da takardar da aka manna.