Jar giyar inabi: me ya sa wata ke da nauyi a baki, wata kuma sakayau?

"Jama'a, na samu aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a Barnawa. Baƙi sukan ce in kawo musu jar giyar inabi mai nauyi ko marar nauyi, ni kuwa duk ja nake gani. Mene ne bambancin, kuma daga ina yake fitowa?"

Ƙanena, barka da samun aiki. Na daɗe a wannan layi, kuma abin da na fara koya wa yaran da suka yi aiki a ƙarƙashina bai buƙatar ka sha komai. Ka sayi baƙin inabi, ko irin na Kudan da ake tallarsa, ka ɓare ƙwaya ɗaya. Za ka ga cikinta ba ja ba ne, ruwan kusan fari ne. Launin duk a ɓawo yake. Sai ka tauna ɓawon da 'ya'yan ciki kawai. Wannan baurin da zai kama maka dasashi, irin na goro ko shayin da ya daɗe a wuta, shi ake kira tanin. Ana barin ruwan inabi ya tsima tare da ɓawonsa, to gwargwadon kaurin ɓawo, gwargwadon launi da baurin da za a samu.

Shi ya sa irin inabi yake da tasiri. Pinot Noir ɓawonsa siriri ne, giyarsa kana hango yatsanka ta bayan kofi, a baki kuma kamar zoɓo take wucewa. Cabernet Sauvignon ƙwayarsa ƙanana ce, ɓawo mai kauri, don haka ɓawo ya yi yawa a kan ruwa; giyarsa duhu gare ta, tana zama a harshe kamar kunun gyaɗa.

Amma rana ce ke ƙarasa aikin, kuma nan ne mutane ba su cika lura ba. Inabi na nuna, sukari na ƙaruwa, tsami na raguwa. Yis ne ke mayar da sukarin barasa, kusan giram 17 a lita ɗaya kan ba da kashi 1 cikin 100. Inabin wuri mai sanyi da aka tsinka da giram 215 zai ba da wajen kashi 12.5. Na wuri mai zafi da ya kai giram 250 zai haura 14.5. Kashi biyu kamar ba komai ba ne a takarda, amma a baki shi ne ɗumin da ake ji a maƙogwaro da kaurin da baƙinka ke kira nauyi.

Ɗauki Syrah da Shiraz. Inabi ɗaya ne, suna ne biyu. Na arewacin kwarin Rhône a Faransa, inda zafi bai tsananta ba, yakan zauna wajen kashi 13, da ɗan tsami da ƙamshin masoro. Na kwarin Barossa a Ostireliya, inda rana ke dukansa, yakan kai 14.5 ko 15, baƙi ƙirin, ƙamshinsa kamar an dafa 'ya'yan itace da sukari. Saboda haka in ka ɗauki kwalba, duba abu uku a jikinta: sunan inabi, inda aka noma shi, da adadin barasa. A nawa lissafin, adadin nan ya fi komai faɗin gaskiya. Ƙasa da 13 yawanci sakayau ce, daga 14 zuwa sama ka shiga masu nauyi.

Kada dai launi ya yaudare ka. Ni ya taɓa kunyata ni. Wani baƙo ya nemi marar nauyi, na ga giyar inabin Grenache janta ba duhu, na zuba masa. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofi, ya juya kwalbar ya nuna mini 15 da yatsa. Ɓawonta siriri ne, amma inabin ƙasa mai zafi ne, yana tara sukari sosai. Nebbiolo na Italiya ma haka, launinta fayau, baurinta kuwa sai ya busar maka da baki.

Sai zafinmu na Kaduna. Mai nauyi tana son digiri 16 zuwa 18, marar nauyi 12 zuwa 14. A watan Maris ko Afrilu, kwalbar da ta wuni a kan kantar otal ta wuce digiri 30, barasar ce kaɗai za ta riƙa bugun hanci. Sa mai nauyi a firiji, amma kada ta yi ƙanƙara-ƙanƙara, don sanyi na ƙara fito da bauri. Marar nauyi ta fi ta daɗewa a ciki. In kuma ka ga toshiyar kwalba ta ɗan turo waje, ko ja ya tsiyayo ya bushe a wuyanta, zafi ya riga ya dafa ta a sito, ka nuna wa manaja kafin ta kai teburi. Wanda ya yi odar tsire da yaji mai yawa kuwa, ba shi shawarar marar nauyi mai ɗan sanyi, domin kashi 15 a kan barkono wuta ce a kan wuta.