Farar shadda ta ƙone bayan na ɗora LUT

Oga, barka da aiki. An kawo mini hoton da aka ɗauka da Sony FX3 a S-Log3, da rana tsaka, ango cikin farar shadda. Ina ɗora LUT sai rigar ta ƙone fat, ko ɗinkin wuya ba a gani, fuskarsa kuma ta yi ja. LUT ɗin ne ba shi da kyau?

Ƙanena, barka kadai. Kada ka yi saurin zargin LUT. Jadawali ne kawai: lamba kaza ta shigo, lamba kaza ta fita. Ba ya ganin ango, ba ya ganin shadda. An gina shi ne bisa zaton an ɗauki hoton da haske daidai, da irin kyamarar da aka yi shi dominta. Don haka fara duba sunansa. Idan S-Log3 da S-Gamut3.Cine aka ɗauka, to na Sony mai mayar da su Rec.709 za ka ɗora, kamar `SLog3SGamut3.CineToLC-709` da ke cikin DaVinci Resolve. Wanda aka yi wa Canon ko Panasonic zai karkatar da kala, kuma jan fuska sau da yawa daga nan yake fitowa.

Amma zatona ya fi ƙarfi a kan haske. Masu ɗaukar S-Log3 da dama da gangan suke ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu, don gudun tsaki-tsakin da ke fitowa a wurare masu duhu. Dabara ce mai kyau, sai dai kai edita kai ne za ka mayar da hasken mazauninsa, kuma kafin LUT za ka yi, ba bayansa ba. Abin da LUT ya riga ya ƙone, duk jan da za ka yi masa daga baya toka-toka kawai zai koma, ɗinkin ba zai dawo ba.

Ga yadda za ka yi a shafin Color na DaVinci Resolve. Danna nod ɗin da LUT yake kai, ka buga `Shift+S`, sabon nod zai shigo kafinsa. Sai ka sake danna na LUT ka kashe shi da `Ctrl+D`, ka buɗe Waveform, mai ma'auni daga 0 zuwa 1023. A S-Log3, katin toka na kashi 18 yana zama wajen 420, farin kati na kashi 90 kuma wajen 598, sannan kowane mataki na haske kusan lamba 79 ne. A ce mai kyamara ya nuna katin toka a farkon ɗauka ka same shi a 578: an ƙara mataki biyu ke nan. A sabon nod ɗin ka sauke Offset har katin ya dawo 420, sannan ka kunna LUT. Offset na ce, ba Gain ba, domin a hoton log shi ne yake sauke komai tare, kusan kamar an rage hasken tun daga kyamara. Idan babu kati, kuma a wurin biki da wuya a samu, shaddar ce katinka: sauke ta zuwa wajen 600, inda rana ta fi dukanta ya ɗan haura.

Tun LUT yana kashe, ka dubi saman Waveform da kyau. Idan wurin rigar yana da tudu da kwari, ɗinkin yana nan, zai fito. Idan kuwa ka ga layi miƙaƙƙe shafe kamar an yanke da reza, kyamara ce ta ƙone shi tun a filin ɗauka. Ko ka sauke shi, layin zai sauko ne a miƙe. Wannan sai dai ka yi wa mai aiki bayani.

Sai fuska. Da LUT a kunne, zagaye goshi ko kumatu da Power Window a wani nod na ƙarshe, ka buga `Shift+H` don fatar kaɗai ta rage, ka buɗe Vectorscope, ka kunna `Show Skin Tone Indicator`. Baƙar fata da farar fata duk kusa da wannan layin suke kwanciya, bambancinsu a haske yake. Idan ta karkata wajen ja, koma nod na farko ka gyara da Temp da Tint, kana kallon shaddar a Parade har ja da kore da shuɗi su yi kai ɗaya. Ka yi hattara, wata shaddar an sa mata bula, ɗan shuɗin nata ne.

Za ka ji ana cewa fata ta zauna a kashi 70 na ma'aunin Waveform. Wannan na masu hasken fata ne. Ango baƙi ka ja fuskarsa can, ka sake ƙone rigar, shi kuma ya fito kamar ya yi bilicin. Bar shi da kalarsa. Idan fuskar ta yi duhu a inuwar hula, ɗaga ta ita kaɗai da Power Window mai laushin gefe, ka bi ta da Tracker don kada hasken ya zame idan ya juya kai.